Rumbun tallan Facebook: a leƙa tallan maƙwabci, a bar masa hotonsa

Duk lokacin da Salla ta matso, wayoyinmu a nan Duwala sukan cika da tallan shadda. Mai lura zai ga wani abu da ke ba da dariya da takaici a lokaci guda: hoton babbar riga ɗaya, aikin wuya ɗaya, har inuwar da ke jikin bangon baya ɗaya ce, amma shaguna uku ne ke cewa ɗinkinsu ne. Wannan ya ce yana Marché Congo, wancan ya ce Akwa, na ukun ma bai faɗi inda yake ba, lambar WhatsApp kawai ya ajiye. A ƙalla biyu daga cikinsu ƙarya suke yi. Ba mamaki ma dukansu ne, don wani lokaci rigar a Bamako ko a Kano aka ɗinka ta.

Idan ka yi wa masu wannan hali magana sai su ce ai kowa haka yake yi, kuma dole mutum ya duba abin da 'yan'uwansa suke yi a kasuwa. Rabin maganar gaskiya ce. Ni ma ra'ayina ke nan, cewa ɗan kasuwar da ba ya duba tallan abokan gasarsa yana jefa kuɗinsa ne a duhu. Inda muka rabu shi ne abin da ake dubawa. Hoto da kalmomin talla su ne mafi ƙarancin amfani a cikin duk abin da za ka samu a can, kuma su kaɗai ne za su iya jawo maka fitina.

Da yawa daga cikin mutanenmu ba su san cewa akwai wuri a buɗe, kyauta, da aka tara waɗannan tallace-tallace ba. Kamfanin Meta, mai Facebook da Instagram da WhatsApp, ya fara shi a 2018 domin tallan siyasa, bayan surutun da ya biyo bayan zaɓen Amurka na 2016. A watan Maris na 2019 aka faɗaɗa shi ya haɗa da kowane irin talla da ke gudana. A waya mai Turanci sunansa Ad Library, a mai Faransanci Bibliothèque publicitaire. Adireshinsa ke nan:

```
facebook.com/ads/library
```

Idan ya buɗe, abu uku yake nema. Ka zaɓi ƙasa, wato Kamaru. Ka zaɓi rukuni, ka danna All ads ko Toutes les publicités, domin idan ka bar shi a kan na siyasa ba za ka ga ko ƙyalle ɗaya ba. Sai ka rubuta ko dai sunan shafin wani shago, ko kalmar da kake tsammanin masu talla suna amfani da ita. Daga nan zai jero maka tallan da ake biya wa kuɗi a yanzu, kowanne da lambarsa, da manhajojin da yake fitowa a cikinsu, da wani ɗan layi da ya fi komai daraja a wurina: Started running on, ranar da tallan ya fara. Mai shagon ba zai san ka duba ba.

Akwai wanda ya tambaye ni a masallacin unguwarmu ko wannan bai zama leƙen asirin mutane ba. Ban ga haka ba. Talla abu ne da mai shi ya biya kuɗi don a gani. Duba shi daidai yake da ka ratsa layin 'yan yadi ka ga abin da kowa ya rataya a ƙofa. Inda abin yake ɓaci shi ne ka tura yaro ya yi shigar mai saye don ya tatso sunan dilan da ke ba wani kaya, ko ka sayi bakin ma'aikacinsa. Rumbun bai nuna komai daga wannan ba, kuma ba ka bukatarsa.

Bari in ba da misalin da na sani ciki da waje. Ɗan kawuna tela ne a New Bell, yana da masu ɗinki biyu da mai aikin wuya ɗaya. Ni ina koyarwa ne a nan Cité des Palmiers, amma yawancin Lahadi ina gida. Kafin Babbar Sallar da ta wuce ya zo mini da hoton wata riga da ya gani a tallan wani shago, ya ce: “Yaya, kai da ka iya rubutu, goge mini sunan nan ka sa nawa. Wallahi zan iya ɗinka irinta.”

Na ce masa na yarda zai iya, amma ya ba ni Lahadi uku tukuna.

Da kalmomi muka fara, kuma nan ne mutum yakan yi tuntuɓe. Muka rubuta “shadda”, kusan babu abin da ya fito. Dalili a fili yake: rumbun yana neman kalmar ne a cikin rubutun talla, su kuwa masu talla a Duwala da Faransanci suke rubutu ko da Hausa suke ciniki a shago. Da muka koma kan bazin, da bazin riche, da gandoura, da boubou, sai allo ya cika. Idan ka sa kalmomi biyu cikin alamar zance, kamar "livraison Douala", zai kawo waɗanda suka jera su a haka kawai, ka huta da tarkace. Wani abin kuma: ƙasa ake zaɓa, ba gari ba. Tallan ɗan Garwa da na ɗan Yawunde duk za su fito tare da na maƙwabcinka, har da na wani da ke Dubai yana nuna wa 'yan Kamaru kayansa. Kai ne za ka tace da ido. Mu mun tsaya kan shafuka goma sha ɗaya da muka tabbatar suna sayarwa a Duwala.

Sai littafi. Na ɗauko masa littafin rubutu irin na 'yan makaranta, na ja layuka kamar rajistar kiran suna. Kowane talla layi guda: sunan shafi, ranar farawa, abin da aka yi alkawari, ko an faɗi farashi, ko hoto ne ko bidiyo, da inda yake kai mutum idan ya danna. Wannan littafin ba ƙawa ba ne. Tallan kasuwanci da aka nuna a Kamaru yana cikin rumbun ne muddin yana gudana. Ranar da mai shi ya tsayar da shi, ya ɓace. Tallan siyasa ne ake ajiyewa har shekara bakwai. Saboda haka wanda ya leƙa sau ɗaya ya ga masu rai ne kawai, bai ga waɗanda suka mutu ba, alhali a wurin waɗanda suka mutu rabin darasin yake. Sai ka dawo mako bayan mako kana kiran suna, ka ga wa ya amsa, wa ya gudu.

Na ƙara masa layi ɗaya da ya shafe mu musamman. Maimakon ya rubuta kwanan wata kawai, sai ya rubuta saura kwana nawa Salla lokacin da tallan ya fara. Salla tana matsowa baya da kimanin kwana goma sha ɗaya kowace shekara a kalandar bature, don haka kwanan watan bara ba zai gaya maka komai bana ba. Amma idan littafinka ya ce manyan shaguna sun fara saura kwana arba'in, ƙanana kuma saura goma, wannan zai yi maka aiki kowace shekara.

A Lahadi ta uku, fiye da rabin tallan da muka rubuta a farko sun ɓace. Waɗanda suka tafi kusan duk iri ɗaya ne: hoto mai ƙyalli, da kirarin cewa kayansu ba su da na biyu, babu farashi, babu adireshi. Tallan da ya so ya ɗauke wa hoto yana cikinsu, kwana tara bai cika ba. Guda biyu ne suka tsaya daram tun daga farko har ƙarshe, kuma ba su ne masu kyan gani ba. Ɗaya bidiyo ne na hannu yana murza shadda kusa da waya, ana jin ƙararta, sannan a ɗaga ta a hasken rana. Ɗayan kuma ya rubuta farashi ƙarara a layin farko. A kan na farkon rumbun ya nuna cewa tallan yana da siga fiye da ɗaya, alamar mai shi yana gwada kalmomi daban-daban a kan bidiyo guda, wato mutum ne da ke lissafi, ba mai watsa kuɗi ba.

A nan dole in ja birki, domin akwai wata magana da ke yawo a bakin masu koyar da “sirrin kasuwancin intanet”, cewa duk tallan da ya daɗe to yana kawo riba. Ba haka abin yake kai tsaye ba. Rumbun ba ya nuna nawa aka kashe a kan tallan kasuwanci a ƙasarmu, ba ya nuna mutum nawa suka saya, ba ya ma nuna sharhin da aka yi a ƙarƙashinsa. Talla zai iya yin wata biyu saboda mai shi ya sa masa ɗan kuɗi kaɗan ya manta. Zai iya daɗewa saboda ɗan damfara ne da ke karɓar kafin alƙalami ta Orange Money ko MoMo ya kashe waya, kuma shi wannan lallai “riba” yake samu. Daɗewa alama ce, ba hujja ba. Tana ƙarfi idan ta haɗu da wasu: shafin ya daɗe, sunansa bai yi ta canzawa ba (sashen Page transparency na kowane shafi yana nuna ranar da aka buɗe shi da sunayen da ya taɓa ɗauka), kuma shagon yana nan a inda ya ce, kana iya takawa ka gani.

To me waɗannan biyun suka koya mana? Ba “ka murza shadda a bidiyo” ba. Abin da suka nuna shi ne tsoron mai saye. Wanda zai sayi kaya ta waya cinikin biri a sama yake yi: yana tsoron a ba shi shaddar da za ta saki a wankin farko, yana kuma tsoron a kalli takalminsa a yanka masa farashi. Kowane ɗaya daga cikin tallan nan biyu ya kashe tsoro guda. Na tabbatar da haka da muka bar rumbun muka shiga shafukan shagunan kansu, muka karanta abin da mutane ke rubutawa a ƙarƙashin hotuna. Tambaya uku ce ke ta dawowa: nawa ne, ina shagon yake, kuma zai samu kafin Salla?

Tambaya ta ukun nan, cikin shafuka goma sha ɗaya babu wanda ya amsa ta a tallansa. Ko ɗaya. Kuma duk wanda ya taɓa tsayawa a shagon tela daren Salla yana kallon yadinsa a ninke yadda ya kawo shi ya san cewa ita ce babba. Wannan shi ne abin da mai kwafa ba zai taɓa samu ba, don shi abin da ke kan allo yake gani, gurbin da aka bari kuwa sai wanda ya jera tallan a layi ya kirga.

A aji ina ganin bambancin nan kullum. Yaron da ya zauna da tsofaffin takardun jarrabawa na shekara biyar ya gano irin tambayar da ba ta taɓa fashi ba, karatu ya yi, kuma mu malamai mu ke ba shi takardun. Wanda ya miƙa wuya ya kwafi amsar na kusa da shi kuwa, har kuskuren yakan ɗauko, kuma da kuskuren muke kama shi.

Kuskuren da mai kwafar talla yake ɗaukowa yawanci farashi ne, kuma ga lissafin daga littafin ɗan kawun nawa. Cikakken ɗinki na maza yana sayar da shi sefa 35,000. Yadi ya ci 18,000, ɗinki da aikin wuya 9,000, saura 8,000. Ya sa talla na kwana bakwai a kan 2,000 kowace rana, jimla 14,000. Mutum arba'in suka yi magana ta WhatsApp, biyar suka ba da aiki. Ke nan kowane mai saye ya ci masa 2,800 na talla, ribar ta dawo 5,200. Idan ya ɗauki nauyin kai kaya, ɗan bensikin zai karɓi kamar 1,500 daga New Bell zuwa irin unguwarmu, sai ta koma 3,700. Yanzu ka duba shagon nan mai rubuta farashi a layin farko: 29,500 ya sa, kuma kai kaya kyauta. Da ɗan'uwana ya bi shi a haka, abin da zai rage masa bayan yadi da ɗinki 2,500 ne, talla ya ci 2,800, ya shiga asarar 300 tun kafin mai babur ya tayar da mashin. Shi wancan wataƙila da bandir-bandir yake sauke yadinsa, wataƙila shaddar ba aji ɗaya ba ce, wataƙila ma asara yake yi don ya jawo mutane shago. Rumbun ba zai gaya maka ko ɗaya ba. Ya nuna maka farashin mutum ne kawai, bai nuna maka littafin cinikinsa ba.

Tallan da ya fitar a ƙarshe ba shi da wani ado. Bidiyo ne na daƙiƙa ashirin da aka ɗauka a shagonsa, mai aikin wuyansa na kan keke, ana jin hayaniyar layin. Ya faɗi farashinsa na gaskiya. Sai jimla ɗaya da babu ita a tallan kowa: ranar da zai daina karɓar aiki, saura kwana goma sha biyu Salla, da cewa duk wanda bai sami kayansa a ranar da aka rubuta masa a rasit ba, kuɗin ɗinkin ya zama nasa. Kafin ya rubuta haka sai da muka kirga: ɗinki biyu a rana suke iya gamawa, kwanakin aiki ashirin suka rage, arba'in ke nan, kuma tsofaffin abokan cinikinsa sun riga sun cinye fiye da rabi. Shi ya sa da littafin aiki ya cika ya kashe tallan, ko da yake saƙo bai daina shigowa ba. Ban ce ya yi arziki ba. Mutum biyar a mako guda ba abin buga ganga ba ne. Amma biyar ɗin sun sa kayansu ranar Idi, kuma rigar da suka gani a waya ita suka gani a jikinsu.

Shi kuwa hoton aro, ko a bar maganar amana, ba ya rufe katara. Wanda ya gani ya zo da shi a wayarsa yana kwatanta zare da zare, kuma unguwannin Hausawa a Duwala ƙanana ne: kafin La'asar labarin ya kai daga New Bell zuwa Bonabéri. Akwai doka ma. Hoto da bidiyo suna ƙarƙashin dokar haƙƙin mallaka ta Kamaru, mai lamba 2000/011 ta 19 ga Disamba 2000. Sunan shago da tambarinsa kuma ana yi musu rajista a OAPI, hukumar da hedikwatarta ke Yawunde, wadda yarjejeniyar Bangui ta 1977 ta kafa, kuma yarjejeniyar ta hana yin abin da zai sa mai saye ya ɗauki shagonka a matsayin na wani. Na san ba kowa ne zai kai tela kotu a kan hoto ba. Amma mai hoton ba ya bukatar kotu: zai iya kai ƙara wurin Meta kai tsaye, a sauke tallan, kuma shafin da aka yi ta kamawa ana iya rufe shi. Ka yi tunanin a rufe maka shafi saura mako biyu Salla. Abin da dokar ba ta hana ba shi ne dabara. Faɗin farashi, nuna kaya a hasken rana, yin alkawarin rana, babu wanda ya mallake su. Idan gobe shago uku suka fara rubuta ranar karɓar kaya saboda sun ga na ɗan'uwana, ba su sace masa komai ba, sai dai kowa ya cika nasa alkawarin da kekensa.

Wanda ya gaji da ganin abu iri ɗaya a Kamaru, ya canza ƙasa a wancan akwatin na farko. Mali da Senigal sun fi mu nisa a harkar shadda, Nijar da Nijeriya kuma masu sayensu sun fi kama da namu a ɗabi'a. Faransa tana da wani amfani na daban. Tun 2023 dokar Tarayyar Turai ta tilasta a riƙa ajiye tallan da aka nuna a can har shekara guda bayan ya tsaya, tare da adadin mutanen da ya kai wa, da shekarunsu, da ko maza ne ko mata. Idan ka nemi bazin a can za ka ga masu sayar wa 'yan Afirka mazauna Faransa, ka ga har tallansu da suka mutu, abin da ba za ka samu a namu ba. Sai dai ka tuna mai albashin yuro ake yi wa wannan tallan. Google ma ya buɗe nasa rumbun a 2023, Ads Transparency Center, amma ƙananan shagunanmu ba a can suke talla ba. Na TikTok kuwa tallan da aka nuna a Turai ya fi mayar da hankali a kai.

Kuma akwai babban yanki na kasuwarmu da rumbun ba ya gani sam. Abin da aka biya wa kuɗi kawai yake tarawa. Hajiyar da ke sayar da atamfa da turaren wuta daga ɗakinta ta hanyar sitatus na WhatsApp, da telan da sunansa ke yawo a gidajen biki da suna, ba za ka same su a ciki ba, kuma a New Bell su ne suka fi yawa. Da muka nemi telan da ya fi kowa aiki a layin ɗan kawuna, wani dattijo da ake bin layi a ƙofarsa tun watan Sha'aban, rumbun ya ce babu sakamako. Bai taɓa buɗe shafi ba.